Hattara da Mai Sayar da Gilashin Tamfad na Bogi a Kumasi

Jama'ar Aboabo da Asawase, musamman masu gini da masu gyaran shago, a yi hattara. Akwai wani mutum da ke bin sababbin gine-gine yana tallar gilashin tamfad, wato gasasshen gilashi mai ƙarfi, a farashi mai rahusa. Yana zuwa da ɗan guntu na gaske, ya fasa shi a gabanka ya ruguje kamar tsakuwa, sannan ya karɓi kafin alƙalami ta Momo. Ranar kawo kaya kuwa gilashin gama-gari ne zai sauke maka, da sitika manne a jiki.

Wani ɗan'uwanmu mai shagon atamfa ya biya kuɗin tamfad mai kaurin milimita 10 don ƙofar shagonsa. Da aka kawo, sai gilashin ya ɗan fi firam faɗi. Nan take mutumin ya zaro abin yanka, ya ja layi, ya ɓalle gefen. Wani mai aikin alminiyum da ke kusa ya ce, "Alhaji, kada ka cika masa kuɗi, wannan ba tamfad ba ne."

Gaskiyarsa. Tamfad gasa shi ake yi a wuta sama da digiri 600, a huce shi da iska cikin gaggawa, shi ya sa yake ninka gama-gari ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. Bayan gashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa. Ka taɓa shi da abin yanka, duka zai tarwatse. Awo da ramukan hannun ƙofa tun a masana'anta ake gama su. Saboda haka duk wanda ya ce zai rage maka tamfad a wurin aiki, ya tona wa kansa asiri. Na gama-gari kuwa in ya fashe, manyan ɓaraguzai masu kaifi yake yi, kuma ƙofar shago ce, yara na shige da fice.

Ku duba kusurwa. Tambarin gaske, irin EN 12150, a jikin gilashin yake, farce ba ya kankare shi.

Haka mutumin yake yi da gilashin laminetad: leda mai duhu yake manna wa falle ɗaya. Na gaske falle biyu ne da roba a tsakani, ana ganin layinta ta gefe, ita ce ke riƙe gilashin in ya tsage. Mai kaurin milimita 6.38 ke nan: falle 3 da 3, robar 0.38.

Kaurin ma da aka auna na Alhaji, 8 aka samu. A auna tun kafin a sa a firam, a kuma rubuta iri da kauri a rasit. Har yanzu wayar mutumin a kashe take.