Hoton bango na katun mai dogon zango: wanne za ka zaɓa?

Hanya uku ke gabanka wajen samun hoton bango, wato hoton da mutane ke gani kafin su danna bidiyonka a YouTube. YouTube zai ciro maka hotuna uku daga cikin bidiyon, amma yawanci tauraronka yana tsakiyar motsi, baki a karkace. Akwai kuma shiryayyun samfura da ake saya, waɗanda ke mayar da katun ɗinka kamar na kowa. Ni dai kuɗina na ga hanya ta uku: wanda ya zana katun ɗin shi zai haɗa bangon, daga ainihin fayil ɗin aikin.

Tauraron da bayan fage a rabe suke a fayil, don haka yana iya ciro fuskar, ya faɗaɗa ta, ya kaurara layin gefenta, ya dusashe bayan. Girman da aka saba amfani da shi 1280 da 720 ne, amma ka ƙanƙanta hoton ya koma kamar babban yatsa ka duba, domin kusan haka mai waya zai gan shi. In ba a gane tsoro ko dariya a idon tauraron ba, a sake. Kada a sa rubutu a kusurwar dama ta ƙasa, nan tsawon bidiyo ke zama.

Taken bidiyo yana ɗaukar haruffa 100, sai dai waya na datse ƙarshensa. Shi ya sa na daina farawa da sunan shiri. "Gidan Ɓeraye, kashi na 7" bai gaya wa baƙo komai ba. "Ɓera ya saci makullin kyanwa | Gidan Ɓeraye 7" ya fi jan ido. A bayanin ƙasa ma, layi biyu na farko su faɗi labarin da kalmomin da mutane ke nema, sannan mahaɗin jerin kashin farko zuwa na ƙarshe ya biyo.

Masu cewa za su sayar maka da kallo kuwa, ka guje su. Na taɓa biyan wani, kuma har yau abin na ci mini rai. Ya sa wa kashi guda bangon gobara da kuka, alhali babu wuta ko ɗaya a labarin. Dannawa ta tashi, na yi murna, sai na buɗe YouTube Studio, inda mai tasha ke duba alƙaluman bidiyonsa, na ga layin masu kallo ya rikito tun kafin daƙiƙa 30. Mutane sun shigo neman abin da babu, suka fice, bayan kwanaki aka daina nuna bidiyon. YouTube da kansa ya ce rabin tashoshi adadin dannawarsu tsakanin kashi 2 ne zuwa 10 cikin ɗari na lokutan da aka nuna hoton bangon, to duk wanda ya rantse zai ba ka 20, ka tambaye shi ta yaya. In ya nemi kalmar sirrin tasharka, a nan magana ta ƙare. Duk wanda za ka ba aikin bango, ka ce ya nuna bango biyar da ya yi wa shiri ɗaya, ka kalli bidiyoyin, ka ga ko abin da ke hoton yana ciki.