OpenRefine da rikicin kg, Kg. da kilo a rajistar sito

Ina kula da rajistar wani sito na hatsi da taki, kuma magatakarda da yawa ne ke shigar da nauyin kaya. Wannan ya rubuta 50kg, wancan 50 Kg., wani kilo 50, wani 500g, duk a layi ɗaya. Excel ba ya iya tara su, domin rubutu yake ɗaukarsu, ba lamba ba. Da OpenRefine na gyara, manhaja ce ta kyauta da ke aiki a kan kwamfutarka ko babu intanet.

Da farko na raba layin gida biyu ta Add column based on this column, asalin kuma ban taɓa shi ba. Ga na lamba, ga na ma'auni, wanda na sa wa layinsa suna maauni:

```
value.replace(",","").find(/\d+(\.\d+)?/)[0].toNumber()
value.replace(/[\d.,\s]/,"").toLowercase()
```

Cire waƙafin nan dole ne, in ba haka ba 1,200 kg sai ya dawo 1.

Abin da ya fi burge ni shi ne Text facet. Ya jero mini kowane salon rubutu da yawan wuraren da ya fito: kg, kgs, kilo, kilograms, g, ton, buhu. Sai in danna edit a gefen kilo in rubuta kg, nan take duk su canza. Akwai Cluster da ake yawan yabo, amma a nan bai ƙara mini komai ba. Hanyarsa ta farko tana haɗa masu bambancin babban baƙi ko ɗigo ne, wanda umarni na biyu ya riga ya gyara, ba ta san kilo da kg abu ɗaya ba ne.

Daidaita suna daban, juya lamba daban, kuma a nan ake yin ɓarna. Wanda ya mayar da g zuwa kg a suna kawai ya mai da rabin kilo na irin tumatir rabin tan. Sai an raba lambar da dubu tukuna, a layin lamba ta Edit cells > Transform, kafin a mayar da g zuwa kg:

```
if(cells["maauni"].value=="g", value/1000.0, value)
```

A lura da 1000.0 ɗin. Idan aka rubuta 1000 kawai, cikakkiyar lamba ake rabawa da cikakkiya, 500g ya zama sifili. Numeric facet na nuna irin wannan da wuri: ka ga sifili sun taru, ko wani nauyi ya yi wa sauran fintinkau, to akwai matsala.

Buhu kuwa na bar shi a gefe. Na taki kilo 50 ne, na masara ya kai kusan ninki biyu, don haka sai an duba sunan kayan kafin a ninka. Mudu da tiya ma cika suke aunawa, ba nauyi ba.

Wanda bai saba da irin waɗannan umarni ba zai ɗan sha wuya a farko. Amma a Undo / Redo akwai Extract da ke kwashe duk matakan, wata mai zuwa sai in liƙa su a Apply, in sake duba jerin ma'aunai ko wani ya ƙirƙiro sabon salo.