Shadda yadi goma ko sha biyu wajen ɗinkin babbar riga

In babbar riga 'yar ciki da wando za ka ɗinka, yawanci yadi 10 ake cewa ya isa, kuma gaskiya ya isa in kai ba dogo ba ne. Matsalar ita ce shadda auduga ce, wankin farko tana ɗan tsukewa, sai ka ga wandon da tela ya auna daidai ya koma saman idon sawu bayan sallah. Da yadi 10 babu abin da zai rage a ƙara maka, in ya ɗage ya ɗage kenan.

Yadi 12 kuwa kuɗin zai ɗan fi, amma tela zai samu damar barin inci 2 a kalmasar ƙafar wando da hannun 'yar ciki, ranar da ta tsuke sai a warware a sake ɗinkewa. Ni wannan nake zaɓa, musamman in mutum ya haura ƙafa 6. Kuma ka je gwaji tun kafin a kai wa mai aikin wuya, don in aka riga aka yi surfani babu gyara, faɗin kafaɗa yadda aka yanka haka zai zauna.