Hattara da masu tallar "sayi yau, kwashi riba, sayar gobe"

Jama'ar Kaduna, abin da ya sa na rubuta wannan shi ne abin da ya sami ƙanina, mai shagon kayan waya a Tudun Wada. Wani ne ya saka shi cikin zaurensa na WhatsApp, ya karɓi naira 20,000 kuɗin koyarwa, wai zai nuna masa sirrin kasuwar hannun jari. Sirrin dai shi ne: ka sayi hannun jarin kamfani dab da ranar da za a rufe rajistar masu cin riba, sunanka ya shiga, washegari ka sayar ka dawo da uwar kuɗinka, ribar kuma ta biyo ka a banki. Kullum hotunan alat ɗin riba yake turawa. Bai taɓa tura takardar cinikin da dillali ke bayarwa ba, mai nuna nawa aka saya, nawa aka sayar.

Ga abin da ya ɓoye. Ribar da kamfani ke rabawa daga cikin dukiyarsa take fita. Idan ya fitar da naira 3 a kan kowane hannun jari, darajar hannun jarin ta ragu da naira 3 ke nan, kamar buhun masara ne da aka ɗebi mudu uku a ciki, ba mai sayensa a kuɗin cikakke. A NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, ba a ma jira masu saye su rage da kansu. Ranar da hannun jarin ya fara ciniki ba tare da haƙƙin riba ba, kasuwar ce da kanta take zaftare adadin ribar daga farashin kafin a buɗe ciniki.

Ƙanin nawa ya sayi guda 10,000 a kan naira 50, wato 500,000. Kamashon dillali da kuɗin SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari, da harajin hatimi da na VAT suka ci kusan 9,500. Ribar naira 3 ce, 30,000 ke nan a takarda, amma gwamnati tana cire kashi 10 cikin ɗari tun daga tushe, saura 27,000. Ranar da zai sayar, da sassafe ya kira ni muryarsa na rawa.

"Yaya, sun rubuta 47. Ko kuskure ne?"

Na ce masa ba kuskure ba ne. Ya sayar a 470,000, aka sake cire masa kusan 10,500, domin wajen sayarwa akwai kuɗin NGX da na CSCS, kamfanin da ke ajiye hannun jari da sunan masu shi. Ka haɗa lissafin: ya sami 27,000, ya rasa 30,000 a farashi da 20,000 a caji. Asarar 23,000, ban da kuɗin koyarwar. Kafin ya tashi ba ci ba asara, sai farashin ya hau daga 47 zuwa wajen 49.30, kuma babu wanda ya isa ya yi masa alkawarin hakan cikin kwana biyu. Ita ribar ma ba nan take ta shigo ba. Ribar ƙarshen shekara sai babban taron masu hannun jari ya amince da ita, shi ya sa ya yi makonni yana jira, jarin shagonsa da giɓi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda mutumin yake kare kansa. Sai ya kawo kamfani ɗaya da farashinsa ya farfaɗo bayan kwana uku. Haka ne, yana faruwa, musamman lokacin da kasuwa gaba ɗaya take hawa. Amma a irin wannan lokacin, wanda ya saya bayan an zaftare farashin shi ma ya ci wannan hawan, kuma ba a cire masa harajin riba ba. Sannan da zarar kamfani ya sanar da riba mai tsoka, masu saye sukan yi rububi farashi ya tashi, sai kai mai zuwa a kurarren lokaci ka saya da tsada.

Yanzu na ji ya koma cewa a turo kuɗi asusunsa na banki, shi zai riƙa juya wa mutane, ya ba su kashi 6 cikin ɗari duk mako. A nan ne za a rasa uwar kuɗin baki ɗaya. Hannun jarin gaskiya da sunanka yake zama a asusunka na CSCS, ta hannun dillalin da ke da rajista da SEC, kuma ana iya duba sunan dillalin a shafin hukumar. Na sa ƙanina ya nemi mutumin ya turo takardar saye da ta sayarwa na ciniki ɗaya tak da ya yi da wannan dabara. A daren ya cire shi daga zauren, kuma har yanzu akwai mutane a ciki suna shirin tura masa kuɗi.