"Than Sabon Gari" ko "than those in Sabon Gari": me ake aunawa da me?

Tambaya: "Malam, a gwajin Turancin da muka yi an kawo jimlar nan a ce a gyara: The rooms in Samaru are cheaper than Sabon Gari. Ni ban ga laifinta ba, na bar ta yadda take, aka soke mini. Amsar wai than those in Sabon Gari ce. Ina bambancin, kuma me ya hana than that of?"

Ƙanwata, ajiye su biyun gefe da gefe ki duba abin da ke kowane hannun sikeli.

Ta farko: The rooms in Samaru are cheaper than Sabon Gari.
Ta biyu: The rooms in Samaru are cheaper than those in Sabon Gari.

A ta farko ɗakuna ne a hannun hagu, a hannun dama kuwa unguwa ce sukutum, da kasuwarta da tasharta. Kin ce ke nan ɗakin Samaru ya fi Sabon Gari kanta araha, kamar ana sayar da ita. A ta biyu those ta tsaya a madadin rooms, sai aka sami ɗakuna nan, ɗakuna can. Kowa ya gane nufinki a ta farkon, amma mai shirya tambaya tsarin jimla yake bi. Ke ma da Hausa ba ki cewa "ɗakunan Samaru sun fi Sabon Gari araha" ki yi shiru; "sun fi na Sabon Gari" kike cewa. Wannan "na" ɗin ita ce ta ɓace.

That of kuwa ta gyara rabi ne kawai. Ta kawo abin da zai tsaya a madadin suna, amma tilo ce, rooms kuma jam'i ne. Turanci a nan adadi kaɗai yake dubawa: abu ɗaya, ko wanda ba a ƙirgawa kamar weather da water, yana ɗaukar that, jam'i yana ɗaukar those. Shi ya sa ake cewa The weather in Jos is colder than that in Zaria.

Ga inda na fi ganin ɗalibai suna zamewa, har masu ƙoƙarin cikinsu. Dubi waɗannan:

The price of tomatoes is higher than those of onions.
The price of tomatoes is higher than that of onions.

Ido yana faɗawa kan tomatoes da onions, duk jam'i, sai hannu ya tafi those. Amma me ya yi tsada? Farashi ake kwatantawa, kuma is da ke tsakiya ta riga ta tona asiri cewa abu ɗaya ake magana a kai. Ta biyu ce daidai. Hanyar ganewa ba ta cin lokaci: cire that ko those, ki mayar da ainihin sunan a gurbinta, ki karanta a zuci. The price of onions ta zauna daram. Those kuwa sai ta nemi prices, kuma babu ita a jimlar.

In aka haɗa miki those in da those of a zaɓi guda, koma farkon jimlar ki ga da me aka fara. An fara da rooms in Samaru, to a rufe da those in. A maganar yau da kullum wannan bai kai a ɗaga murya a kansa ba, amma a jarrabawa wanda ya fi kama da ɗan'uwansa shi ake so. Ƙa'idar ce dai take aiki a Trekking is cheaper than to take a bus: an fara da trekking, sai a bi ta da taking a bus.

Sai dai kada ki fito daga nan kina zaɓen those of duk inda kika gan ta, don masu shirya tambaya sun san da masu yin haka. Samaru is quieter than Sabon Gari lafiyarta ƙalau, unguwa ce da unguwa. Kika cusa mata that of kin ɓata ta, domin babu sunan da that za ta wakilta. Haka nan than those of Kano's ninki ne: those of da alamar mallaka ta 's aiki ɗaya suke yi, ɗaya ta isa. Ki ce than Kano's, ko ki ce than those of Kano. In duka biyun suka fito a zaɓi daban-daban, sake duba farkon jimlar: Zaria's markets tana tafiya da Kano's, the markets of Zaria tana tafiya da those of Kano.