Tafasawa, kilorin ko matata: me ya kamata a fara saya don ruwan sha a gida?

A daminar 2021, shekarar da amai da gudawa ya yi ɓarna sosai a Bauchi da Kano da Jigawa, gidanmu muna tafasa ruwan sha kullum. Duk da haka autana ya kwanta da gudawa har sai da aka yi masa ƙarin ruwa. Wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta shigo dubiya, ta tsaya a gaban randarmu ta ce, "Maman Sadiƙu, ruwan kin dafa shi, amma wannan moɗar fa?" Moɗar tana kife a kan murfi, yara su ɗauka su sha, su sake tsoma ta har wuyan hannu. Ashe gawayina kawai nake ƙonawa, ƙazantar tana komawa ta baki da hannu.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wane maganin ruwa zai saya, nakan ce ya fara da mazubi. Randa tana sanyaya ruwa, ba wanda zai musa, amma bakinta mai faɗi ne ke kawo matsala. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi ta tsaro domin hannu ba ya shiga, sai dai wanke cikinta da wuya, kuma wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki ba ta ruwan sha ba ce ko an wanke ta sau goma. Abin da na fi yarda da shi shi ne bokiti mai murfi da famfo a ƙasa. Kafin ki biya, ki sa a zuba ruwa ki ga ko gindin famfon yana yoyo, ki kuma duba murfin yana kamawa gam. Idan ba za ki iya rabuwa da randa ba, a samo moɗa mai dogon mariƙi a rataye ta a ƙusa, da ita ake ɗiba a zuba a kofi, ba a kai ta baki.

Sai maganar tsarkake ruwan. Tafasawa ta fi kowace hanya ƙarfi, domin tana kashe duk nau'in ƙwayoyin da ke sa gudawa. Ana so ruwan ya yi tafasa sosai yana juyawa har minti 1, ba ɗumi ko 'yan ƙananan kumfa a gindin tukunya ba. Tsadarta tana cikin gawayi ko gas, kuma da ruwan ya huce ba abin da ke ci gaba da kare shi.

Kilorin kuwa a nan ya yi mata fintinkau. Ana samunsa a kyamis, na ƙwaya irin Aquatabs ko na ruwa irin WaterGuard. Bayan ya kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot, ragowarsa tana zama cikin ruwan tana gadinsa kusan yini guda, ko da wani yaro ya yi ganganci. Amma yana da sharuɗɗa. Ƙwayoyin girmansu ya bambanta, don haka a karanta jikin takardar a ga lita nawa kowace take ɗauka. A jira minti 30 kafin a sha. Idan bayan wannan lokacin ba ki ji ɗan warin kilorin ko kaɗan ba, to ko maganin ya lalace ko dattin ruwan ya cinye shi. Na ruwa yana saurin rasa ƙarfi a zafin garinmu, saboda haka kada ki karɓi kwalbar da aka shanya a rana a gaban shago, kuma ki duba ranar ƙarewar aikinta. Na ƙwaya ya fi jure ajiya. Akwai kuma wata ƙwayar cuta mai kauri a jiki da kilorin ba ya iya kashewa, ita ma tana sa ƙananan yara zawo, shi ya sa ruwan jaririn da aka fara ba shi abinci gara a tafasa.

Alif shi ne inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Yana tattara laka ta kwanta, ruwan rijiya ko na tafki ya yi garau kamar na famfo, sai a ɗauka ya tsarkaka. Bai tsarkaka ba. Aikinsa share wa kilorin hanya ne: a sa alif kaɗan, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama ta ƙyalle mai tsabta, sannan a sa kilorin ko a tafasa.

Matatar ruwa mai dutsen yumɓu a ciki tana da daɗin sha'ani domin ba ta sauya ɗanɗanon ruwa, kuma tana tare waccan ƙwayar da ta gagari kilorin. Sai dai tana ɗiga a hankali, lita 1 zuwa 3 a awa, mafi ƙanƙantar ƙwayoyin cuta suna iya ratsa ta, kuma idan dutsen ya tsage ruwan zai wuce yadda ya shigo. Alamar tsagewa ita ce ki ga ta fara zuba da sauri ba gaira ba dalili. Kada ki saya sai kin tabbata ana sayar da dutsen canji a garinku. Fiya-wata kuma na lokacin tafiya ne ko na tarbar baƙi, a duba lambar NAFDAC, amma ciyar da gida guda da shi kullum yana cin aljihu.

Ga yadda muka tsara a gidanmu mai mutum takwas da ke sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Jarka biyu muke warewa a rana don sha da dama fura da wanke salak. Ƙwayar da muke saya an rubuta mata lita 20, jarkokin mai kurar kuma masu lita 25 ne, don haka na auna lita 20 a bokitin na ja layi da fenti, ba a wuce shi. Ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, wato 60 a wata. Ranar da ruwan ya zo da duhu sai alif ya riga shiga. Buta guda kawai ake tafasawa saboda ƙaramin yaron gidan. Ragowar ruwan wanka da wanki ba a ɓata masa magani.

Wajen hannu ba a buƙatar kashe kuɗi da yawa. Sabulun wanki na sanda yana yin aikin da mai tsada yake yi, muddin an cuɗa kamar daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, an kuma ɗauraye da ruwa mai zuba. Sanitaiza, wato man kashe ƙwayoyin cuta na kwalba, ba ya aiki sosai a hannun da ke da maiƙo ko ƙasa. Abin da na roƙi mutanen gidana su bari shi ne kwano ɗaya da kowa ke tsoma hannu kafin cin tuwo, domin na ƙarshe da dattin kowa yake tashi. Butar banɗaki daban, butar wanke hannu daban, sabulu a ɗaure kusa da ƙofar bayi, kuma wadda ta wanke wa yaro kashi ita ce ta fi kowa buƙatarsa.

Abinci kuma, tsakanin firji da kula, a duba wutar unguwa tukuna. Firjin da ke yini babu wuta akwati ne kawai mai ɗumi. Kula mai kyau tana riƙe shinkafa da zafi daga rana zuwa la'asar, idan an zuba ta tana tururi. Ki buɗe ki gani, in abincin ya koma ɗumi-ɗumi, lokacinsa ya wuce. Dafaffen abinci bai kamata ya haura awa 2 a ajiye a fili ba, kuma faifai ƙuda kaɗai yake tarewa. Ɗumamen safe a bar shi ya yi zafi har tsakiyar malmala, miyar ta tafasa. Kunun yaro kuwa na daina ajiye shi kwata-kwata, ina dama daidai cikinsa, in ya rage a ba manya su shanye a take.