Mahaɗi mai alama ko kalmar cikin bidiyo: wanne zai nuna maka inda masu saye suka fito?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana a nan Tawa. Na yi bidiyo na minti ɗaya na zuba a rukunoni uku na WhatsApp: na manoman albasa na Galmi, na ƴan Tawa mazauna Abidjan, da na unguwarmu. Kira ya ƙaru, amma ban san wane rukuni ya kawo shi ba. Wani ya ce in sa mahaɗi mai ƙirga latsawa, wani ya ce in sa kalma cikin bidiyon. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara cire rai da cewa WhatsApp zai ƙirga maka. Tun 2016 saƙonninsa a rufe suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kuma babu inda yake nuna yawan waɗanda suka kalli bidiyon da aka tura gaba. Idan ka danne saƙonka ka shiga Info, za ka ga waɗanda ya isa gare su da waɗanda suka buɗe hirar, amma a rukunin da kai ka zuba kaɗai. Da wani ya tura shi rukunin ƴan garinsu, sawu ya ɓace maka. Saboda haka dabarun nan biyu duk ba masu kallo suke ƙirgawa ba. Suna ƙirga waɗanda suka motsa ne bayan sun kalla.

Mahaɗin da ya dace da kai, tunda ba ka da shafin sayarwa, shi ne wanda yake buɗe hira da lambarka da rubutu a shirye. Kowane rukuni da nasa:

```
https://wa.me/227XXXXXXXX?text=ALBASA-1
https://wa.me/227XXXXXXXX?text=RIJIYA-1
```

A gurbin X ɗin sai ka sa lambarka mai alƙaluma takwas. Wanda ya latsa zai tarar da kalmar a rubuce, aikawa kawai ta rage masa. Kyauta ne, kuma ƙidayarsa ba ta da gardama: saƙon da ya zo da ALBASA-1 daga wancan mahaɗin ya fito. Sai dai wanda ya latsa ya fasa aikawa, ko ya goge rubutun ya yi sallama irin tasa, bai shiga lissafi ba. Kana iya gajarta mahaɗin da Bitly don ka ga yawan latsawar, amma ni ba na son haka a rukunin manoma. Mutane sun sha ganin gajerun mahaɗai na ƴan damfara masu alkawarin mega kyauta, da yawa ba za su taɓa ba. Latsawar da kai ka yi ta gwaji ma tana shiga ƙidayar.

Babbar cutar mahaɗi ita ce zamansa a wajen bidiyo. Rubutu ne a ƙasa. Mai turawa yana iya cire shi, kuma wanda ya ajiye bidiyon a salularsa ya sake aikawa, ko ya ba maƙwabcinsa ta Xender ko Bluetooth a bakin rijiya, hoto da murya kaɗai ya bayar. Ga kuma manomin da ba ya karanta boko: ya ji lambarka, ya kira, shi ke nan.

Kalmar cikin bidiyo ba ta da wannan ciwon, domin duk inda bidiyon ya je tana jikinsa. Za ka fitar da bidiyon kashi uku, komai iri ɗaya sai daƙiƙa biyar na ƙarshe. A na Galmi ka ce da bakinka, "Wanda ya kira ya ce albasa, an rage masa jaka biyu." A na Abidjan rijiya, a na unguwa damina. Ka rubuta kalmar da lambar a jikin hoton ma. Ragin wajibi ne, don babu mai wahalar tuna kalmar da ba ta ƙara masa komai. Kada kuma ka zaɓi famfo ko rana, waɗanda kowane mai tambaya zai faɗa ko bai ga bidiyo ba.

Kuɗin wannan dabarar shi ne ragin da wahalar rubutawa. Ana bukatar littafi a shago: rana, kalmar da aka faɗa, garin mai kira, ya saya ko bai saya ba. Idan yaron shago ya manta kwana biyu, lissafin ya gurgunce, kuma ba za ka gane ba sai ka ga shafi fari a ranar da ka san an yi ciniki. Kalma kuma tana yawo a baki. Wanda ya samu ragi zai gaya wa ƙanensa, shi ma ya zo ya ce albasa bai taɓa ganin bidiyon ba. Idan ka ga mutum ya san kalmar amma yana tambayar abin da bidiyon ya riga ya nuna, kamar zurfin da famfon yake jan ruwa, to a baki ya tsince ta.

Mu ɗauka ka haɗa biyun na mako biyu, littafi ya nuna haka. Galmi: saƙo 9 ta mahaɗi, mutum 21 sun faɗi kalma. Abidjan: 14 ta mahaɗi, 5 ta kalma. Unguwa: 2 da 4. Da mahaɗi kaɗai ka duba, sai ka ce Abidjan ta wuce Galmi, 14 da 9, alhali Galmi 30 ce, Abidjan 19. Da kalma kaɗai ka duba, sai ka raina ƴan Abidjan, waɗanda kira daga can yake musu tsada, rubutu ya fi musu sauƙi. Ka kula kada ka ƙirga mutum sau biyu: wanda ya aiko saƙo sannan ya kira, lambarsa ɗaya ce, layi ɗaya zai ci.

Sauran masu kiran da ba su zo da wata alama ba, a ce 20. Kada ka raba su ga rukunonin. Idan kafin bidiyon kana samun kira 8 a mako, 16 daga cikinsu cinikinka ne na kullum, huɗun da suka rage kuma ba su isa a gina magana a kansu ba. Shi ya sa ake fara rubuta littafin mako biyu kafin a saki bidiyo. Haka ma 6 na unguwa: kaɗan ne, amma mako biyu bai isa ka yanke cewa rukunin ya mutu ba.

Sannan ka duba layin saye. Idan 30 na Galmi sun sayi famfo 3, 19 na Abidjan sun sayi 5 don aika wa gida, ka san inda za ka fara zuba bidiyo na gaba.

Abu ɗaya da duk biyun ba za su gaya maka ba: inda bidiyon ya ƙare. Albasa tana nufin reshen da ka dasa a Galmi, ko da mai kiran a Madawa ko Ƙonni yake. Layin gari a littafin ne zai nuna maka nisan tafiyar.

In dole sai ɗaya, da irin masu sayenka kalmar zan ɗauka. Amma mahaɗin bai ci maka ko dala ba, ka liƙa shi a ƙasa. Ka canza kalmomin a kowane sabon bidiyo, tsofaffin kuma ka bar musu layi a littafin, don tsohon bidiyo yana iya kawo maka mai cewa albasa bayan wata uku.